Dalilin Zubar Atamfa da Rinin Baba a Wankin Farko da Yadda Ake Rage Ta

Gabatarwa

Babu gidan da ba a taɓa samun wannan kuka ba. Mace ta sayi turmin atamfa, ko an kawo mata shi cikin kayan lefe, ta jefa shi a baho ranar wankin farko, sai ruwa ya koma ja ko shuɗi kamar an kwance galura a ciki. Wani lokaci abin yakan tsaya a ruwan kawai. Wani lokaci kuwa jan da ke jikin zanen yakan malala ya hau farin da ke kusa da shi, ko ya kama farar rigar maigida da aka haɗa su a baho ɗaya. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Mai kaya ta ce ɗan kasuwa ya sayar mata da jabu, ɗan kasuwa ya ce mai wanki ne bai iya ba, wata sa'a har maganar ta kai gaban mai unguwa.

An tsara wannan bayani ne domin jama'a, musamman mazauna karkara, da malaman cibiyoyin koyar da mata sana'a, da jami'an ƙananan hukumomi da kan sayi yadi da yawa domin anko ko rabo. Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne zuba iri biyu ce. Akwai zubar rarar rini, wato wanda ya zauna a bayan zare bai shiga ciki ba, kuma wannan tana ƙarewa bayan wanki biyu ko uku ba tare da tufar ta rasa kyanta ba. Akwai kuma zubar rinin da tun asali bai kama zare da kyau ba, wadda ba ta ƙarewa sai tufar ta koɗe. Aikin wankin farko shi ne fitar da rarar nan ba tare da an bar ta ta sauka a wani wuri ba. Rinin da bai kamu ba tun a marina ko a masana'anta, babu abin da za a zuba a baho ya ɗaure shi kamar yadda ya kamata a ce an yi tun farko.

Yadda baba ke kama zare

Mafi yawan mutane na ɗauka cewa baba yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri, zare kuma ya sha shi. Ba haka abin yake ba. Shuɗin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan. Wanda ya zuba garin shuni a kofin ruwa ya dama zai ga ruwan ya yi duhu, amma idan ya ajiye kofin ya dawo daga baya zai tarar garin ya kwanta a ƙasa. Da za a tsoma farin ƙyalle a irin wannan ruwa, datti kawai zai ɗauka, kuma wanki ɗaya ya isa ya kawar da shi.

Dukan wahalar da marina ke sha a karofi domin warware wannan matsala ce. Ana zuba busasshen baba cikin ruwan toka, a ƙara katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke yin aikin a cikin ramin. Suna cinye iskar da ke cikin ruwan, kuma a wannan hali, tare da kaifin toka, sai shuɗin ya sauya kama ya zama abu mai narkewa. Shi ya sa ruwan karofin da ya nuna, idan aka kawar da kumfar da ke samansa, ba shuɗi ba ne, kore ne mai ratsin rawaya. A wannan kamar ne kawai rinin ke iya kutsawa cikin zaren auduga.

Sa'ad da marini ya ɗago zanen daga rami, zanen kan fito kore, sannan a gaban idon mai kallo ya riƙa juyewa shuɗi. Iska ce ta taɓa rinin ta mayar da shi kamarsa ta farko, wadda ba ta narkewa. Wanda ya riga ya shiga cikin zare sai ya daskare a can, ya zama ba shi da hanyar fita. To amma a lura da cewa bai haɗe da zaren ba, tarko ne kawai ya rufe da shi. Kuma ba duk rinin ne ya sami shiga ba. Ruwan da ya jiƙe bayan zaren shi ma ɗauke yake da rini, kuma shi ne ma iska ke fara taɓawa. Wannan kaso yakan daskare a waje, ya zauna kamar ƙura a jikin zanen. Shi ne yake shafar fatar wanda ya ɗaura, shi ne kuma yake rina ruwan wanki.

Daga nan za a gane abin da ya bambanta aikin gwani da na mai gaggawa. Gwanin marini yana tsoma zane na ɗan lokaci, ya ɗago, ya warware shi ya sha iska har koren ya ɓace gaba ɗaya, sannan ya sake tsomawa, haka sau da yawa har launin ya kai duhun da ake so. Kowace tsomawa tana ajiye siririn rini a cikin zare. Mai gaggawa kuwa yakan haɗa ruwa mai ƙarfi ainun domin ya sami duhu da tsomawa ɗaya ko biyu. Launin zai fito da kyau a ido, amma mafi yawansa a waje yake kwance. Haka kuma zanen da ba a wanke sitacinsa ba kafin a rina shi, rinin yakan hau kan sitacin ne maimakon zare, kuma ranar da sitacin ya narke a baho tare za su tafi.

Tun shekarar 1897 kamfanin BASF na ƙasar Jamus ya fara sayar da shunin da aka harhaɗa a masana'anta, kuma yau marina da dama da shi suke aiki, suna narkar da shi da soda mai ƙuna da wani farin gari da suke kira haidiro, cikin mintoci maimakon kwanaki. Akwai masu cewa wannan shi ne dalilin zuba, wai baban gargajiya ba ya zuba. Wannan magana ba daidai ba ce. Shuɗin da ke cikin ganyen baba da wanda ke cikin gwangwani abu ɗaya ne. Abin da kawai ya sa aka fi kuka da na zamani shi ne yana da sauƙin haɗawa da ƙarfi fiye da kima, saboda haka ya fi ba mai gaggawa dama.

Akwai kuma tufafin da zubarsu da gangan ce. Baƙin rawani mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda garin Kura da ke kudu da Kano ya yi suna a kansa, da turkuɗi, da riga kore, bayan an rina su sai a kai su mabuga a buga musu ƙarin shuni har su ɗauki sheƙi kamar ƙarfe. Wannan shunin ba a taɓa nufin ya shiga zare ba. Abzinawa da ke sayen irin wannan rawani suna son yadda yake barin shuɗi a fuska, kuma abin da ya sa baƙi suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutane ke nan. Irin waɗannan kaya ba na baho ba ne. Wanda ya wanke su ya zubar da abin da ya biya kuɗi dominsa, sai dai ya mayar da su ga marini da mabugi a sake musu aiki. Kulawarsu ita ce a shanya su a inuwa su sha iska bayan an sa, a naɗe su a cikin takarda ko tsohon zane, kada su goga da fararen kaya a akwati.

Atamfa: rini fiye da ɗaya a turmi ɗaya

Al'amarin atamfa ya fi na baba sarƙaƙiya, domin a turmi guda akan sami rini iri biyu ko uku da halinsu ya bambanta. Asalin sana'ar daga tsibirin Java ne na ƙasar Indonesiya, inda ake zana ado da narkakken kaki a kan ƙyalle kafin a rina shi, wurin da kakin ya rufe ya fito fari. Turawan Holan da na Ingila suka mayar da aikin na inji a ƙarni na 19, kasuwarsa kuma ta kafu a Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a ƙasar Holan, wanda tarihinsa ya faro daga 1846, shi ne tushen sunan atamfar da mata ke kira Holan.

A atamfar kaki ta ainihi, inji yana buga ƙaro a fuskokin yadin biyu, sannan a tsoma yadin cikin rini, wanda sau da yawa shunin nan ne da aka yi bayani a sama. Daga baya a cire ƙaron, a buga sauran launuka, ja ko rawaya ko kore, ɗaya bayan ɗaya. Saboda an tsoma ta ne, ciki da wajenta kusan ɗaya suke. Akwai kuma atamfar da ba ta ga kaki ba sam, an buga mata zanen ne a fuska ɗaya kamar yadda ake buga takarda, kuma idan aka juya bayanta za a ga ya fi gaban haske. Wannan ba lalle ne ta zama mai zuba ba. Abin da ke sa zuba shi ne irin rinin da aka yi amfani da shi da kuma yadda aka kammala aikin.

Mafi yawan launuka masu haske a yadin auduga na yau ana yin su da wani irin rini da aka fara sayarwa a Ingila a 1956, wanda ya bambanta da baba ta hanya ɗaya babba: shi yana haɗewa da zaren ne, su zama jiki ɗaya, idan an ba shi soda da zafi da isasshen lokaci. Wanda ya haɗe ba ya fita da wanki. Matsalar ita ce yayin da ake aikin, wani kaso na rinin yakan haɗe da ruwa maimakon zare. Wannan kason ya mutu ke nan, ba zai ƙara kama komai da ƙarfi ba, amma launinsa na nan, kuma yana maƙale a yadin. Masana'anta mai kula da aikinta tana wuce da yadin ta cikin tankunan ruwan zafi da sabulu sau da dama har wannan rarar ta fita. Wankin nan yana cin ruwa da makamashi da lokaci, saboda haka shi ne abu na farko da mai son rage kuɗin aiki yake gajartawa. Idan aka gajarta shi, aikin da ya kamata a yi a masana'anta sai ya dawo kan mai saye, a bahonta. Ja, da jan-garura mai duhu, da baƙi, da shuɗi mai duhu su suka fi zuba, domin su suka fi cin rini da yawa.

Nau'i na uku shi ne mai matsala ta gaske. Akwai rini mai araha wanda yake manne wa auduga da rauni kawai, bai haɗe da ita ba, bai kuma daskare a cikinta ba. Yana narkewa a ruwa ranar da aka rina, yana kuma narkewa ranar kowane wanki. Da irinsa ake samun tufar da ke zuba a wanki na biyar kamar yadda ta zuba a na farko. Kuma saboda yana son auduga, duk farin ƙyallen da ya tarar a baho sai ya kama shi. Haka nan akwai bugun da launinsa gari ne aka liƙa da wani irin gam a fuskar yadi. Shi ba ya cika rina ruwa, amma idan gam ɗin bai gasu sosai ba, cuɗa da goga suna kankare shi, sai a ga wurin naɗi da gefen aljihu sun yi fari.

Wani abu kuma da ke ruɗar mutane shi ne sitaci. Sabuwar atamfa tana da ƙarfi da sheƙi saboda abin da aka shafa mata a ƙarshen aiki. A wankin farko yakan fita, ruwan ya yi kauri da santsi, atamfar ta yi laushi, launinta ya ɗan kwanta. Wannan sheƙi ne ya tafi, rinin yana nan.

Gwaji kafin a kai wa tela

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai sabon turmi wurin tela kai tsaye, ya haɗa shi da farin leshi ko farin shafi, sai a wankin farko a gane halinsa, lokacin da ba a iya raba su kuma. Gwajin da zai hana wannan asara ba ya cin fiye da rabin sa'a.

A yanki ƙyalle kamar faɗin tafin hannu daga ƙarshen turmin, a tabbata ya ɗauko dukan launukan da ke jikin atamfar. A sami tsohon farin ƙyallen auduga mai tsabta. Da farko a naɗa busasshen farin a yatsa a goga shi a kan launi mafi duhu, kai da komo sau 10. Sannan a jiƙa wani gefen farin, a matse, a sake gogawa sau 10 a wani wuri. Idan busasshen ya ɗauki launi sosai, akwai rini kwance a waje, kuma tufar za ta ɓata fata da shimi tun ma kafin ta ga ruwa. A kayan baba wannan ba abin mamaki ba ne. Idan jiƙaƙƙen ne kawai ya ɗauka, to a yi hattara da gumi da ruwan sama.

Gwaji na biyu shi ne yake raba zuba mai ƙarewa da marar ƙarewa. A sa ƙyallen a farin kofi na gilashi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a motsa na minti biyar, a duba ruwan, a zubar. A maimaita da sabon ruwa har sau huɗu. Idan ruwan farko ya yi ja sosai, na biyu ya ragu, na uku ya yi fari-fari, na huɗu kusan garau, to rara ce, kuma turmin lafiyarsa lau. Idan kuwa na huɗu bai bambanta da na biyu ba, rinin bai kamu ba. Daga nan a shanya ƙyallen ya bushe sarai, a ɗora shi a kan turmin a kwatanta da rana. Dole sai ya bushe, domin jiƙaƙƙen ƙyalle kullum ya fi duhu. Idan launin yana nan kamar yadda yake, duk jan da aka gani a kofi ba asara ba ce. Rini kaɗan ƙwarai ya isa ya rina bokitin ruwa, saboda haka launin ruwa shi kaɗai ba hujja ba ne a kan ɗan kasuwa. Hujja ita ce ƙyallen da ya koɗe ko farinsa ya dusashe.

Ga jami'in da zai sayi turame masu yawa domin anko ko ɗalibai, abin da ya dace shi ne ya karɓi yadi ɗaya ya yi wannan gwaji kafin a biya kuɗi, ya ajiye rabin da aka wanke da rabin da ba a wanke ba a cikin fayil. Idan an kawo kayan, a sake yankar samfuri daga dila biyu ko uku daban-daban, domin zane iri ɗaya na iya fitowa daga bugu daban, ko ma daga masana'anta daban. Waɗannan ƙyallaye biyu sun fi doguwar gardama amfani ranar da aka sami saɓani.

Wankin farko, mataki-mataki

Mu ɗauki misalin turmi ɗaya na yadi 6, mai farin ƙasa da manyan furanni ja, wanda gwaji ya nuna yana zubar da rara. Wannan shi ne mafi haɗari, domin farin da jan suna jiki ɗaya, ba yadda za a raba su.

Kafin a jiƙa komai, a tanadi ruwa isasshe. Turmi ɗaya yana bukatar babban baho da ruwa kamar lita 20, wato jarka ɗaya, domin wanki, da wasu jarkoki biyu ko uku domin ɗauraya. Wanda ba shi da wannan ruwa a ranar gara ya jinkirta wankin. Dalilin yawan ruwan shi ne rinin da ya fita ya watse ya yi rauni. A ƙaramin bokiti kuwa ruwan da kansa yakan zama ruwan rini, a kuma dawo ana rina farin da shi. Ruwan ya kasance mai sanyi, ba wanda ya yini a rana cikin baƙar jarka ba. Gaskiya ne masana'anta da ruwan zafi take fitar da rara, amma ita ta san irin rinin da ta sa, kuma ruwanta gudu yake yi yana sabuntuwa. A gida ba a san ko wane iri ne ba, kuma idan mai raunin nan ne, zafi zai ninka zubarsa.

A narkar da sabulu kaɗan a ruwan tukuna, kamar cokali ɗaya na garin sabulu marar bilic, sannan a sa atamfar. Kada a barbaɗa gari a kan yadin, domin inda ya taru zai bar tabo. Sabulu yana da amfani a nan fiye da wanke datti, domin yana riƙe rinin da ya fita a cikin ruwa ya rage komawarsa kan zare. A warware turmin gaba ɗaya kafin a tsoma shi. Idan aka sa shi a naɗe, ja zai kwanta a kan fari ya buga hotonsa.

Da zarar ya shiga ruwa, kada hannu ya tsaya. A riƙa ɗagawa ana nutsarwa ana juyawa na minti biyar zuwa goma, ba cuɗa mai ƙarfi, ba buroshi, ba bugawa a kan dutse. Babban abin da ke ɓata atamfa shi ne jiƙo. Mace ta jiƙa ta tafi ɗora girki, ko ta bar shi ya kwana da nufin wai rinin ya gama fita. A wannan zaman ne rinin ke samun lokacin fita daga jan ya shiga farin. Idan ruwan ya yi duhu kafin lokacin ya cika, a zubar a sake sabo.

Sai ɗauraya, ruwa bayan ruwa, har sai na ƙarshe ya fito kusan garau. A matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a shanya nan take. Barin jiƙaƙƙen kaya a tare a baho ana jiran a gama sauran wanki daidai yake da jiƙo. A shanya shi a warware, falle ɗaya, a kan igiya biyu idan da hali, yadda fuska ba za ta manne da fuska ba, bayan yadin yana waje, a inuwa mai iska. Rana ba ta sa zuba, amma tana koɗar da launi, kuma wannan wata asarar ce daban. Idan ya bushe a yi guga ta baya. Wanki biyu na gaba ma a yi su haka, shi kaɗai. Akwai ƙarin riba a wanke turmi kafin ɗinki, domin sabuwar auduga tana ɗan tsukewa a ruwan farko, kuma gara ta tsuke kafin tela ya auna.

Zanen baba ma haka ake bi da shi, sai dai da bambanci kaɗan. Idan sabon fitowa ne daga marina, yana da kyau a shanya shi a inuwa kwana biyu ko uku kafin ya ga ruwa, domin iska ta gama aikinta. A fara da ɗauraya da ruwa zalla sau da yawa, sannan sabulu mai laushi. Ruwan zai yi shuɗi ƙwarai, kada a tsorata. Shunin da ya fita gari ne marar narkewa, ba shi da ƙarfin sake rina komai da gaske, kuma tabon da ya bari a farin kaya yawanci yakan fita da wanki. Babban abokin gabar baba shi ne goga, domin rinin ya fi yawa a kusa da bayan zare, kuma wannan ne ya sa wandon jins ke yin fari a gwiwa da aljihu. Bilic kuwa yana kashe shuɗin baba nan take, ɗigo ɗaya zai bar tabon da ba ya gyaruwa.

Gishiri, ruwan khal da kanwa

Kusan kowa an taɓa ba shi shawarar ya jiƙa sabuwar atamfa cikin ruwan gishiri domin rini ya zauna. Maganar tana da tushe. Masu rini suna zuba gishiri mai yawa a tukunya lokacin aikin, domin yana tura rinin daga ruwa zuwa zare. Saboda wannan dalili, ruwan gishiri a baho yana iya rage launin da ake gani a ruwan ranar, sai mai wanki ta ɗauka ya yi aiki. Amma gishiri ba ya ɗaure rini. Rarar tana nan a jikin yadin tana jiran wanki na gaba, ranar da ba a sa gishiri ba, wataƙila kuma ranar da aka haɗa ta da fararen kaya saboda an sakankance. Ga baba kuwa gishiri ba shi da wani tasiri, tunda shunin ba mai narkewa ba ne. A ganinmu illar wannan al'ada ba a gishirin take ba, a jiƙon da ke tare da shi take.

Ruwan khal da ruwan lemun tsami suna taimaka wa rinin ulu da siliki, ba na auduga ba. Amfaninsu ɗaya ne a nan: zanen da ya fito daga ruwan toka ko soda yakan riƙe sauran kaifi, ya yi santsi a hannu ko ya sa ƙaiƙayi, kuma rabin kofin shayi na ruwan khal a bokitin ɗauraya na ƙarshe yana kashe wannan kaifi. Kanwa da ruwan toka kuwa, waɗanda wasu ke ƙarawa domin wanki ya fita, suna kumbura zaren auduga su sauƙaƙa wa rini fita, saboda haka a nisanta su daga kaya masu launi.

Akwai ruwan ɗaure rini da ake sayarwa a shagunan kayan rini, kuma shi yana aiki a kan rinin nan mai narkewa, domin yana haɗuwa da shi ya rage narkewarsa. Ana amfani da shi ne bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbarsa, kafin a yi ɗinki. Ba ya amfanar baba, ƙarfinsa yana raguwa da yawan wanki, kuma a yadi mai farin ƙasa akwai haɗarin ya ɗaure rinin da ya riga ya malala kan farin.

Idan ɓarna ta riga ta faru

Idan aka ga ja ya hau fari tun kayan suna jiƙe, kada a shanya, kada kuma a yi guga, domin bushewa da zafi suna ƙara zaunar da tabon. A mayar da su ruwa mai yawa da sabulu nan da nan, a yi ta juyawa ana sauya ruwa. Sau da yawa tabon yakan fita ko ya ragu ƙwarai. Farar rigar auduga zalla da ta ɗauki launi daga wani kaya ana iya wanke ta ita kaɗai da ruwan zafi da sabulu, idan ya ƙi a sa bilic da aka tsarma da ruwa sosai na ɗan lokaci, a ɗauraye da kyau. Ba a yin haka ga rigar da ke da aikin zare mai launi, kuma ba a haɗa bilic da ruwan khal ko lemun tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Turmin da gwaji ya nuna rininsa bai kamu ba, idan ba a yanka shi ba, a mayar wa mai shi tare da ƙyallen gwajin. Idan mayarwa ba ta yiwu ba, a ɗinka shi shi kaɗai ba tare da leshi ko farin shafi ba, a riƙa wanke shi daban da ruwan sanyi cikin hanzari, kuma kada a goya jariri da shi ko a ɗaura shi a kan fararen kaya lokacin zafi ko damina.